Neman Ganin Babban Mutum Ta Hannun Mataimakinsa: Tambayoyi Da Amsoshi

Kwamishina, shugaban jami'a, babban sakataren ma'aikata, manajan darakta na kamfani, duk ba su ne ke riƙe da littafin lokacinsu ba. Akwai wani a ofishin waje da ke riƙe da shi, kuma saƙonka hannunsa zai fara faɗawa. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda masu neman ganawa suka fi yi. Don kada zance ya tafi a iska, za mu riƙe misali guda har ƙarshe: ƙungiyar tsofaffin ɗaliban wata sakandaren gwamnati da ke son ganin Kwamishinan Ilimi na jiharsu.

Wa zan rubuta wa, shi babban ko mataimakinsa?

Duka biyun, amma kowa da irin tasa. Wasiƙar hukuma, wadda ke kan takarda mai tambarin ƙungiyarku da sa hannun shugaba ko sakatare, sunan muƙamin babban take ɗauka, wato Mai girma Kwamishina. Ita ce za ta shiga fayil. A ma'aikatun Najeriya galibi da Turanci ake rubuta ta. Kwafi biyu za ka kai, ka miƙa ɗaya, a buga maka hatimin karɓa da kwanan wata a kan ɗayan ka dawo da shi gida. Kada ka bar ofishin ba tare da wannan kwafin ba, domin shi ne shaidarka ranar da aka ce ba a ga takardarka ba.

Na biyu shi ne gajeren saƙo zuwa ga mataimakin, ta imel ko ta waya, mai sanar da shi cewa ga wasiƙa ta shigo, ga abin da ta ƙunsa, ga lokacin da kuke roƙo. Wasiƙa ba saƙo tana iya yin makonni a tire. Saƙo ba wasiƙa kuma yana sa mataimakin cikin tsaka mai wuya, don ba shi da abin da zai ɗora wa maigidansa a tebur.

A ofishin akwai mutane da yawa. Wanne ne ke da lokacin a hannunsa?

Wannan sai ka tambaya, domin ofis ya bambanta da ofis. Akwai sakatare ko sakatariyar ofis, ma'aikacin gwamnati ne da ya ga kwamishinoni da yawa sun zo sun tafi, shi ke karɓar takardu yana shigar da baƙi. Akwai mataimaki na musamman, wanda maigidan ya zo da shi, yana riƙe masa waya, yana binsa tafiye-tafiye, ya san inda zai kwana gobe. A manyan ofisoshi kuma akwai jami'in tsare-tsare mai shirya ziyarori da tarurruka. Sau da yawa littafin yana gaban sakatare amma mataimaki na musamman ne ke iya sa a canza abin da ke ciki.

Hanya mafi sauƙi ita ce ranar da ka kai wasiƙa ka tambayi wanda ya karɓa: "Don Allah wa ke tsara wa Mai girma lokacin ganin baƙi?" Masinjan ofis ma ya san amsar. Abin da bai kamata ba shi ne ka tura saƙo ɗaya ga mutum uku a lokaci guda. Za su gane, kuma kowa zai bar wa ɗan uwansa.

Me ya sa ba zan ce kawai ina son ganinsa kan wani muhimmin batu ba? Maganar ai tasa ce, ba ta mataimaki ba.

Nan ne mafi yawan buƙatu ke mutuwa, shi ya sa za mu ɗan daɗe a kai.

Ka yi tunanin yadda aikin ke gudana. Da safe, ko a mota tsakanin taro da taro, mataimakin zai sami mintoci kaɗan ya karanto wa maigidansa masu neman ganinsa. Kowane suna ya kira, tambayar da za ta biyo baya ɗaya ce: "Me suke so?" In saƙonka bai ba shi amsar da zai faɗa cikin jimla ɗaya ba, to ya zama dole ya ce bai sani ba, kuma babu mataimakin da ke son faɗin haka. Ya fi masa sauƙi ya tsallake sunanka.

Ga wani abu kuma. Duk wanda ya shigar da baƙo, shi ake tuhuma in ganawar ta ɓaci. In ya shigar da mutum a kan "muhimmin batu", aka zauna ashe neman kwangila ya zo, ko aikin ɗansa, ko ya zo kai ƙarar wani darakta, bayan baƙon ya fita mataimakin ne zai sha faɗa. Mutanen nan sun ga gaisuwa da roƙon iri har sun gaji. Saboda haka kalmomi irin su "batu na sirri", "gaisuwa kawai" da "ziyarar ban girma" ba ladabi suke ji a cikinsu ba, tarko suke hangowa. Faɗin buƙatarka ƙarara shi ne ke ba shi kwanciyar hankalin shigar da kai.

In maganar da gaske ta sirri ce, faɗi nau'inta ko da ba ka faɗi cikinta ba. Ka ce ta shafi lafiyar ɗalibai a makaranta kaza, kuma bayanin sai baki da baki. Wannan ya ishe shi ya auna nauyinta.

To yaya saƙon zai kasance?

A ce ƙungiyar nan ta tara naira miliyan 9 don gyara ɗakin gwaje-gwajen kimiyya na tsohuwar makarantarsu. Ginin na gwamnati ne, ba za su taɓa shi ba sai da izinin ma'aikata a rubuce. Sun bi ta hannun shugabar makaranta da ofishin ilimi na shiyya, takarda ta iso hedikwata, an ce musu sa hannun Kwamishina take jira. Ɗan kwangilar kuwa ya ce farashin da ya bayar ba zai wuce ƙarshen Nuwamba ba. Sakataren ƙungiya zai iya rubuta wa mataimakin haka:

"Assalamu alaikum, ranka ya daɗe. Barka da aiki. Sunana wane, sakataren ƙungiyar tsofaffin ɗaliban sakandare kaza. Mun tara naira miliyan 9 za mu gyara ɗakin kimiyyar makarantar da kuɗinmu, ba kuɗi muke nema a wurin gwamnati ba. Abin da ya rage shi ne izinin ma'aikata, kuma takardar tana ofishin Mai girma Kwamishina tun 2 ga Oktoba. Muna roƙon minti 15 mu uku, ni da shugabanmu da injiniyan aikin, mu nuna masa zanen mu amsa duk tambayar da yake da ita. Farashin ɗan kwangila zai ƙare 30 ga Nuwamba, don haka kowace rana kafin 14 ga Nuwamba ta yi mana, da safe ko da yamma. Ga hoton wasiƙar da aka buga wa hatimi. In Mai girma ya ga ya fi dacewa mu ga Babban Sakatare ko wani darakta, a shirye muke. Allah Ya taimaka."

Duba abin da mataimakin ya samu. Zai iya cewa: "Yallaɓai, tsofaffin ɗalibai ne za su gyara ɗakin kimiyya da kuɗinsu, izini kawai suke jira, minti goma sha biyar." An gama. Jimlar nan da ta ce ba kuɗi ake nema ba ita ce mafi tsada a saƙon, domin ita ce fargabar farko ta duk wanda ke tsaron ƙofar jami'in gwamnati. In kuwa kuɗin kuke nema, ku faɗa, ku faɗi nawa. Ɓoyewa ba ta sa a bayar.

Lura kuma da abin da babu a ciki. Babu tarihin ƙungiya tun kafuwarta, babu jerin manyan mutanen da suka yi makarantar, babu yabon irin ci gaban da Mai girma ya kawo wa ilimi. Waɗannan in dole ne su shiga wasiƙa. Saƙon waya ya kamata a karance shi ba tare da an ja allo ƙasa sau biyu ba.

Minti nawa ya kamata in nema?

Goma zuwa ashirin, in magana ɗaya ce. Awa guda sai an ɗage wani abu kafin a samo ta, amma minti 15 ana iya cusa shi kafin a fita taro ko bayan azahar. In babban ya ji daɗin zancen shi da kansa zai tsawaita. Yawan mutane ma lokaci ne: mutum uku ganawa ce, mutum goma sha biyu kuwa tawaga ce, sai an buɗe ɗakin taro, an kira jami'in yaɗa labarai, an shirya jawabi. Wanda ya ce zai zo da tawaga ya mayar da buƙatarsa ta mako biyu ta koma ta wata biyu.

In zaɓi rana ne, ko in ce duk lokacin da ya ga dama?

"Duk lokacin da Mai girma ya sami sarari" yana da daɗin ji, amma ma'anarsa a wurin mai riƙe da littafi ita ce babu gaggawa, kuma abin da babu gaggawa a cikinsa kullum gobe ne. Kafe rana ɗaya da awa ɗaya kuma rashin ta-ido ne, kai ne mai nema. Tsakiya ita ce ka ba da iyaka da dalilinta, kamar yadda sakataren nan ya yi: kafin rana kaza, saboda kaza. Dalilin ya zama na gaskiya. Mataimaki yana gane wa'adin ƙarya, kuma in ranar ta wuce ka dawo da sabon wa'adi, ka zubar da maganarka. Lura kuma sakataren ya bar tazarar mako biyu tsakanin ranar da ya roƙa da ranar da farashin zai ƙare, domin ganawa daban, fitowar takardar izini daban.

Sannan ka san kalandar mutumin. Kwamishina yana da zaman majalisar zartarwa, wanda a jihohi da yawa ran Laraba ake yi, kuma ba a sanin lokacin tashi. Juma'a rabin rana ce a aikace, a Kaduna ma a Disamban 2021 gwamnati ta fara tsarin zuwa ofis kwana huɗu a mako. Litinin ta tarurrukan cikin gida ce a wurare da yawa. Talata da Alhamis su suka fi sauƙi. Watannin ƙarshen shekara na shirya kasafin kuɗi ne da kare shi a gaban majalisar dokoki. Goman ƙarshe na azumi da lokacin aikin Hajji manya da dama ba sa ƙasar. Shugaban jami'a kuma kada ka neme shi makon bikin yaye ɗalibai ko ranar zaman majalisar jami'a. In ka nuna a saƙonka cewa ka san wannan, misali ka ce ka san Laraba ba ta yiwuwa, mataimakin zai san da mai hankali yake magana.

A ƙa'ida ka nema da tazarar mako biyu zuwa uku. Gayyatar buɗe taro ko ƙaddamar da aiki kuwa tana son wata guda ko fiye.

Yaya zan kira mataimakin? Na girme shi nesa ba kusa ba.

Girman kujerar ake ba shi. "Ranka ya daɗe", "ranki ya daɗe", "Malam", "Hajiya", ko muƙaminsa in ka san shi daidai. Kada ka kira shi "ɗana" ko "ƙanena" a saƙon farko ko da ka haife shi, kuma kada ka rage masa muƙami. Sallama da gaisuwa layi ɗaya sun isa. Abin da ke ɓata wa masu wannan aiki rai shi ne a turo "Salam" kaɗai a zauna jiran amsa, ko a yi kwana uku ana gaisuwar safe kafin a fito da buƙata. Sa gaisuwar da buƙatar a saƙo guda.

Imel, WhatsApp ko kira?

A kamfanoni, bankuna da ƙungiyoyin ƙasa da ƙasa imel ne hanya, kuma layin take ya faɗi komai: neman ganawar minti 15, batu kaza, kafin rana kaza. A ma'aikatun jiha akwatin imel na ofis ba kullum ake buɗe shi ba, takarda da WhatsApp su ke aiki. In ka sami lambar mataimakin a hannun wani, faɗi wanda ya ba ka. Tura saƙo a lokacin aiki, ba tsakar dare ba. Guji saƙon murya: ba zai iya sauraronsa a cikin taro ba, ba zai iya nemo shi bayan mako guda ba, ba zai iya nuna wa maigidansa shi a allo ba. Takardar da za ka haɗa ta zama guda ɗaya, PDF ko hoto mai fitowa sosai. Kira kuwa bayan saƙo yake zuwa.

Wani babba ne ya ce in je in ce shi ya turo ni. In sa sunansa?

Sa, in ya san za ka sa, kuma ka faɗi iya abin da ya faru. "Alhaji wane ya ba ni shawarar in tuntuɓe ka" daban yake da "Alhaji wane ya riga ya yi magana da Mai girma". Mataimakin zai bincika, kira ɗaya ne. In aka tarar ka ƙara gishiri, ba ganawar nan kaɗai ka rasa ba. Mafi kyau shi Alhajin ya tura wa mataimakin layi biyu da kansa kafin naka saƙon ya isa.

Akwai kuma wanda ya haɗu da babban a wurin ɗaurin aure ko ta'aziyya, aka ce masa "ka same ni a ofis". Wannan ba alƙawarin lokaci ba ne, izinin nema ne. Ka rubuta wa mataimakin ka faɗi inda kuka haɗu da ranar da abin da ya ce, sannan ka bi duk matakan nan kamar kowa. Kada ka rubuta masa da muryar umarni wai Mai girma ya ce a sa ka.

Na tura, an karanta, shiru. Sai yaya?

Shiru ba ƙi ba ne. Galibi yana nufin mataimakin bai sami damar gabatar da maganar ba, ko ya gabatar an ce "bari mu gani", kuma ba ya son ya ba ka amsar da ba tabbas. Ba shi kwana uku ko huɗu na aiki, sannan ka yi tuni a ƙarƙashin saƙon farko don kada ya sha wahalar nema: "Ranka ya daɗe, tuni nake yi kan batun ɗakin kimiyya. Ko akwai wani bayani da zan ƙara da zai sauƙaƙa?" Bayan mako guda ka sake, ko ka leƙa ofishin da kwafinka mai hatimi.

In ka je, tambayar da ta fi amfani ba "yaushe zan gan shi" ba ce. Tambayi inda takardar take da abin da aka rubuta a kanta. Babba yakan yi ɗan rubutu a gefen wasiƙa ya mayar. In ya tura ta ga wani darakta, maganarka ta koma can, bi ta. In an rubuta KIV, an ajiye ta ne sai wani lokaci, ba a ƙi ba ba a kuma amince ba, kuma ba za ta motsa ba sai wani sabon abu ya taso, kamar ƙaratowar wa'adin ɗan kwangilar nan. In ba ta ma shiga wurinsa ba, to aikinka yana ofishin waje tukuna.

Tuni uku ba amsa, canza hanya. Kada ka tsallake mataimakin ka kai ƙararsa wurin maigidansa. Ko ka yi nasara ranar, gobe ma ta ƙofarsa za ka bi.

An ce in je in ga darakta maimakonsa. An kore ni ke nan?

Sau da yawa ma an gajarta maka hanya ne. A misalinmu, ko da Kwamishina ya karɓe su ya yi murna, ba zai sa hannu ba sai sashen da ke kula da gine-ginen makarantu ya duba zanen ya rubuto shawara ta hannun Babban Sakatare. Ganin daraktan wannan sashe shi ne aikin. Kafin ka nemi ganin babba, tambayi kanka ko akwai abin da shi kaɗai ne zai iya yi a maganar. In babu, mataimakin zai gano haka kafin kai. Ka karɓi turawar da godiya, ka roƙe shi ya sanar da daraktan cewa daga ofishin Mai girma aka turo ku, domin wannan kiran yana da nauyi. Bayan kun gana ka rubuto masa layi biyu kan yadda aka yi. In daga baya maganar ta sake buƙatar sa hannun babban, ka riga ka sami mai tuna ta.

In haɗa da ɗan na goro?

A'a. Ba wa ma'aikacin gwamnati kuɗi don ya yi maka aikin ofis laifi ne a dokar Najeriya, ga mai bayarwa da mai karɓa. Ko a rubuce kada ka yi alamar "za mu gani" ko "ba za mu manta da kai ba". Mataimaki mai mutunci zai ja baya da kai daga wannan layin, wanda ba shi da shi kuma ya sami abin da zai riƙa ja maka rai a kai.

An ba ni lokaci. Akwai sauran rubutu?

Akwai. Amsa nan take ka maimaita abin da aka ce: rana, kwanan wata, awa, wuri, sunayen masu zuwa da muƙamansu. Wurin yana da muhimmanci, don wani lokaci a gidan gwamnati ko masauki za a gan ku ba a ma'aikata ba, kuma masu gadi da jerin sunaye suke aiki. Kada ka ƙara mutum bayan ka ba da suna uku. Kwana ɗaya kafin ranar ka tura gajeren saƙo kana tambaya ko lokacin yana nan, musamman in daga wani gari za ku taso. Ku iso da rabin awa a hannu, ku zo da takarda mai shafi ɗaya da za ku bari, wadda ta faɗi buƙatar da lambar wayar mutum ɗaya.

In aka ɗage fa, bayan mun riga mun iso?

Yana faruwa, kuma galibi ba laifin mataimakin ba ne. Kwamishina ma yana da na gaba da shi, in Gwamna ya kira komai tsayawa yake. Kada ka huce a kan wanda ke gabanka. Abin da za ka nema kafin ka bar wurin shi ne sabuwar rana, domin a lokacin ne yake jin nauyinka kuma littafin yana buɗe a gabansa. In ya ce sai maigida ya dawo, tambaye shi ranar da za ka tuntuɓe shi, ka kuma tuntuɓa a ranar. In wa'adinku ya matso, tuna masa da kwanan watan, ka tambaya ko Babban Sakatare zai iya karɓarku a yau tunda kun riga kun zo da injiniya da zanen.